“Na Biya, Ka Saki”: Idan Mai Sayen Kirifto Ya Rantse Ya Tura Kuɗi, Mai Sayarwa Kuma Bai Ga Komai Ba

Wane ne mai gaskiya idan mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba suka yi ciniki ta waya, ɗaya ya ce wallahi ya tura naira dubu 750 har ga risit, ɗayan kuma ya buɗe asusunsa bai ga ko sisi ba? Wannan tambaya tana yawan tasowa a majalisun matasan Sakkwato masu harkar kirifto, wato kuɗin intanet, daga Mabera zuwa Arkilla, kuma amsar da ake bayarwa kusan kullum guda ce: “Ɗan damfara ne.” Wani lokaci haka ne. Wani lokaci kuma wanda ake zagi yana can Gusau ko Birnin Kebbi riƙe da waya, an cire masa kuɗi da gaske, shi ma yana zagin mai sayarwa.

Abin da ya sa lamarin ke rikita mutane shi ne a mintuna goma na farko ɓarawo da mai gaskiya kamarsu ɗaya. Dukansu sun danna maɓallin cewa sun biya, dukansu sun turo hoton risit, dukansu suna gaggawa. Akwai hanyar bambance su, amma ba a cikin maganarsu take ba.

Yadda cinikin yake, da inda amanar take

Cinikin da ake kira P2P ciniki ne tsakanin mutum da mutum. Kai kana da USDT, wato kirifton da aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka, kana son naira. Wani yana da naira yana son USDT. Manhajar kasuwar kirifto ce ke haɗa ku, amma nairar ba ta bi ta hannunta. Mai saye yana tura maka kuɗin kai tsaye daga bankinsa zuwa naka, kamar yadda zai biya mai albasa a Kasuwar Kara.

Wannan tsari ya yi ƙarfi a Najeriya ne tun watan Fabrairun 2021, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna mu'amala da kamfanonin kirifto. Da aka toshe hanyar saka naira kai tsaye cikin manhaja, sai kowa ya koma biyan ɗan'uwansa hannu da hannu. Babban Bankin ya sassauta wannan hani a Disambar 2023, manhajar kasuwar kirifto ta Binance kuma ta janye duk hidimominta na naira a Maris ɗin 2024, amma ɗabi'ar ta riga ta zauna. Mutane sun koma wasu manhajojin, cinikin ya ci gaba a yadda yake.

Aikin manhajar ɗaya ne, kuma a nan ya kamata a tsaya a fahimta. Da zarar an buɗe oda, sai ta kwashe USDT ɗin mai sayarwa ta kulle shi a ma'ajiyar amana. Mai sayarwa ba zai iya taɓa shi ba, mai saye ma haka. Kamar dillalin shanu ne da ya karɓi igiyar sa ya riƙe, ya ce wa mai saye je ka biya, ya ce wa mai sa idan kuɗinka sun shiga aljihu ka faɗa mini in miƙa igiya. Ana ba mai saye wa'adi, galibi minti 15, ya biya ya danna `Paid`. Mai sayarwa ya duba asusunsa, idan ya gamsu ya danna `Release`.

To amma wannan dillalin makaho ne ta ɓangaren naira. Manhajar ba ta da wata igiya da ta haɗa ta da bankinka. Idan mai saye ya danna `Paid`, ba ta tabbatar da komai ba, maganar mutumin kawai ta isar maka. Mutum zai iya danna maɓallin alhali ko manhajar bankinsa bai buɗe ba. Da yawa daga sababbin shiga suna ganin odar ta canza launi ta rubuta an biya, sai su ɗauka kamfanin ne ya shaida. Kamfanin bai shaida ba.

Ɗaya ɓangaren kuma, `Release` idan an danna ba a janye shi. Ka danna, USDT ya koma asusun mai saye nan take, shi kuma cikin mintuna kaɗan zai iya fitar da shi zuwa wata lalitar da ba ta hannun kamfanin. Abin da ya fita kan bulokcen, wato rijistar da ake rubuta hada-hadar kirifto, babu bankin da za a rubuta wa wasiƙa ya dawo da shi. Saboda haka duk wasan, na ɓarawo da na mai gaskiya, yana kan yatsan mai sayarwa ne a kan wannan maɓalli ɗaya.

Oda biyu a mako guda

Akwai wani matashi da na sani mai shagon cire kuɗi da sayar da kati a Mabera. Yayansa na aiki a Saudiyya, yakan turo masa USDT ya canza ya kai wa mahaifiyarsu, shi ma yakan ɗan juya nasa jarin. A mako guda ya haɗu da abin nan sau biyu, kuma don su biyun sun bambanta ne na zaɓi labarinsa.

Ta farko ranar Talata ce bayan la'asar. Ya sa USDT 500, a lokacin farashin ya kama naira 1,500 kowane ɗaya, jimla naira 750,000. Minti huɗu da buɗe oda mai saye ya danna `Paid`. Sai ga risit a akwatin hira, tsaf da tambarin banki, da sunan matashin, da lambar asusunsa, da koren rubutu `Successful`. Kafin ya gama karantawa wayarsa ta yi ƙara, saƙon alat ya shigo, kuma ya faɗo ne a cikin jerin saƙonnin da bankinsa ya saba turo masa.

Mai sayen ya ga sunan Bahaushe, sai ya juya harshe. “Ɗan'uwa ashe na gida ne. Don Allah ka saki, ina asibiti ne, da shi zan biya magani.” Bayan minti ɗaya: “Malam ka ji tsoron Allah, kuɗina sun fita.” Bayan wani minti: “Zan kai ƙararka a rufe maka asusu.”

Abin da ya cece shi ƙaramin abu ne. Kafin cinikin yana da naira 41,300 a asusun. Alat ɗin ya nuna an saka 750,000, amma a wurin ragowar kuɗi sai ya rubuta wata lamba da ba ta yi daidai da 791,300 ba. Mai ƙirƙirar alat zai iya sanin sunanka da lambar asusunka, tunda kai ka ba shi su, amma bai san nawa ke cikin asusun ba. Dole ya yi ƙiyasi ko ya bar wurin babu komai. Matashin ya buɗe manhajar banki, ya ja allon ƙasa ya sabunta: 41,300, yadda ya bar su. Ya ce da ni daga baya, da bakinsu na gida: “Wallahi Malam, yatsana na bisa maɓallin nan. Mi ya hana ni dannawa, Allah kaɗai ya sani.”

Ya rubuta wa mai sayen ya turo `Session ID`, wato lambar shaidar turansifa. Shiru. Sai ga saƙo ta WhatsApp daga wata lamba mai hoton tambarin kamfanin, wai ma'aikacin kula da abokan ciniki ne, wai sun tabbatar kuɗin suna “riƙe a tsarinsu” kuma za su faɗo da zarar ya saki. Wannan ita ce ƙaryar da ta fi kowace sauƙin ganewa ga wanda ya fahimci tsarin, domin naira ba ta taɓa shiga hannun kamfanin balle ya riƙe ta. Ya danna `Appeal`, wato maɓallin kai ƙara ga kamfanin. Kafin isha'i mai sayen ya soke odar da kansa, USDT 500 suka koma wa mai su.

Ta biyu ranar Juma'a ce da daddare, USDT 200, naira 300,000. Komai ya maimaita kansa: `Paid`, risit, “don Allah ka saki”. Matashin, da ɗumin abin da ya faru ranar Talata, ya fara faɗa wa mutumin baƙar magana. Amma wannan karon da ya nemi `Session ID`, cikin minti ɗaya aka turo lambobi 30 cif, tare da bidiyon allo da ke nuna mutumin yana shiga manhajar bankinsa, yana buɗe tarihin hada-hada, ga 300,000 an cire. Kuɗin sun fita da gaske. Ba su dai iso ba. Sai wajen ƙarfe 11 na safiyar Asabar suka faɗo, ya saki, ya kuma ba mutumin haƙuri.

Ina kuɗi ke tsayawa idan sun fita ba su iso ba?

Mun saba cewa “natwok ne”, kamar wani aljani ne da ke zaune tsakanin bankuna. Abin yana da matakai, kuma sanin matakan shi ke nuna wa mutum wanda zai tambaya.

Turansifa tsakanin banki da banki a Najeriya tana bi ne ta hannun NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankunan ƙasar, ta tsarin da ake kira NIP wanda ya fara aiki a 2011. Idan ka sa lambobin asusu goma sunan mutum ya fito, wannan tambaya ce kawai aka yi, kuɗi bai motsa ba. Idan ka sa lambar sirri, bankinka zai cire kuɗin daga asusunka, ya aika saƙo zuwa NIBSS, ita ta miƙa wa bankin mai karɓa, shi ya saka kuɗin ya mayar da amsa cewa ya karɓa. Idan komai lafiya, daƙiƙu ne.

Matsalar tana faruwa idan amsar nan ba ta dawo a kan lokaci ba. Bankin mai turawa ya riga ya cire kuɗi, bai san ko sun isa ba. Wani bankin zai rubuta `Pending` ko `Processing`, wani kuma zai fitar da risit kamar komai ya kammala, tunda daga ɓangarensa ya aika. Daga nan hanya biyu ce. Ko dai bankin mai karɓa ya karɓi saƙon amma na'urarsa ta yi jinkirin sakawa, sai kuɗin su faɗo bayan sa'o'i, kamar yadda ya faru ranar Asabar ɗin nan. Ko kuma saƙon bai isa ba sam, sai a mayar wa mai turawa kuɗinsa. Dokar Babban Banki ta 2018 kan turansifar nan take ta ce turansifar da ta gaza a mayar da ita cikin sa'o'i 24. Duk wanda ya rayu a Sakkwato a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi da ƙarancin takardun naira, ya san cewa a aikace abin kan wuce haka idan layin ya cunkushe.

Wannan hanya ta biyu ita ce tarkon da ke kama masu kirki. Ka ga shaida ta gaskiya, ka ji tausayi, ka saki USDT. Washegari banki ya mayar wa mai saye nairarsa. Yanzu yana riƙe da naira yana riƙe da kirifto, kai kuma odar ta rufe da amincewarka. Idan mai tsoron Allah ne zai nemo ka ya sake turawa. Idan ba haka ba, bai ma shirya cutarka ba, dama ce ta same shi a zaune. Shi ya sa a ganina ko risit na gaskiya ba hujjar saki ba ne. Hujja ce ta cewa a yi wa mutum magana mai daɗi a jira tare da shi.

Akwai kuma dalilin da ke ɓangaren mai sayarwa kansa, wanda ba a cika tunawa da shi ba. Asusun matakin farko, irin wanda ake buɗewa da 'yan bayanai kaɗan, ba a yarda ya riƙe fiye da naira 300,000 ba. Idan ka ba da irin wannan asusu aka turo maka 750,000, ko dai turansifar ta koma, ko ta shiga a ɗaure asusun har sai ka ɗaga matsayinsa. Na ga wanda ya kwana yana tsine wa mai saye alhali ƙofar gidansa ce ta yi wa kayan kaɗan. Wani kuma ya canza asusu ya manta bai gyara wanda ke cikin tallarsa ba, kuɗi suna can a tsohon asusu yana duba sabo.

Lambobi 30 da ke raba gardama

Duk turansifar da ta bi ta NIP tana da lambar shaida, `Session ID`, mai lambobi 30. Ba ita ce lambar da wasu bankuna ke rubutawa a matsayin `Reference` ba, wadda ta cikin gida ce. Ga fasalinta, da lambobin misali:

```
000000 250614 143207 123456789012
```

Shidan farko lambar bankin da ya aika ne. Sha biyun da ke biye kwanan wata ne da lokaci: shekara, wata, rana, sa'a, minti, daƙiƙa. A misalin nan, 14 ga Yunin 2025, ƙarfe 2 da minti 32 na rana. Sha biyun ƙarshe lambar jeri ce.

Amfanin sanin wannan a fili yake. Mai ƙirƙirar risit sau da yawa tsohon risit yake ɗauka ya goge suna da adadi ya rubuta naka, ya bar dogayen lambobin nan yadda suke don ya san ba mai karantawa. Idan risit ya ce yau aka tura amma tsakiyar lambar ta nuna watan jiya, magana ta ƙare. Idan lambobin ba su kai 30 ba, a sake tambaya. Idan kuma sun yi daidai, ba a ce kuɗi sun shigo ba tukuna, domin mai wayo zai iya tsara lambar da ta dace. Abin da ka samu shi ne abin da za ka kai wa bankinka. Da wannan lamba ma'aikacin banki zai duba ya ce maka ɗaya daga uku: sun shigo, suna kan hanya, ko babu wata turansifa mai wannan lamba da ta zo gare su. Ba tare da ita ba, sai dai a ce maka ka jira.

Ɗabi'ar mutum idan aka nemi lambar ita ma labari ce. Wanda aka cire wa kuɗi da gaske ya fi ka son a gano inda suke, zai turo da sauri. Wanda bai tura komai ba zai koma rantsuwa, ko barazana, ko ya ce ku koma WhatsApp ku yi magana “kamar 'yan'uwa”. Fita daga akwatin hirar manhaja asara ce gare ka, domin masu sasanci abin da aka rubuta a cikin odar suke karantawa.

Wani abu kuma da gaggawa ke ɓoyewa: kuɗi su shigo da gaske amma ba cikakku ba. An turo 75,000 maimakon 750,000, alat na gaske ya yi ƙara, ido ya ga bakwai da biyar da sifilai, yatsa ya danna. A ƙirga sifilan.

Idan aka je gaban masu sasanci

`Appeal` ba ya kwace wa kowa komai. Abin da yake yi shi ne ya bar USDT a kulle har ma'aikacin kamfanin ya duba hujjojin ɓangarorin biyu. Barazanar “zan kai ƙara a rufe maka asusu” tana aiki ne kawai a kan wanda bai san haka ba. Mai sayarwar da kuɗi ba su shigo masa ba shi ya fi kowa cin moriyar ƙarar.

Hoton allo ba ya da nauyi sosai a wurin sasanci, tunda kowa ya san ana gyara shi. Abin da ake nema galibi bidiyo ne marar yanka, daga shiga manhajar banki, zuwa inda sunanka da lambar asusunka suke, zuwa tarihin hada-hada na ranar, da kuma takardar bayanin asusu da banki ya fitar wadda ta ƙunshi lokacin odar. Mai saye shi ma ana neman irin wannan daga gare shi. Ana ba kowane ɓangare wa'adin amsawa, kuma wanda ya yi barci a kan wa'adinsa zai iya faɗuwa ko da shi ke da gaskiya. A garin da wuta kan ɗauke waya ta mutu, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Adalci ya sa a duba ta wurin mai saye ma, don ba kullum mai sayarwa ne wanda aka zalunta ba. Akwai masu sayarwa da kuɗi ke shigo musu su yi gum, suna jiran farashi ya motsa, ko su lallaɓi mai saye: “Ka soke odar kawai in mayar maka da kuɗinka.” Mai sayen da ya biya sannan ya danna `Cancel` ya yi daidai da mai sayarwar da ya saki kafin ya ga kuɗi, domin da sokewar USDT ke fita daga ma'ajiyar amana ya koma wa mai shi. Kowane ɓangare yana da maɓalli ɗaya da idan ya danna ya zubar da kariyarsa. Mai sayen da turansifarsa ta maƙale abin da ya dace da shi shi ne ya bar odar a buɗe, ya ba da `Session ID`, ya shigar da koke a bankinsa ya karɓi lambar koken. Idan mako biyu suka wuce banki bai warware ba, ƙa'ida ta ba shi damar kai maganar sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki.

Kuɗin da suka shigo amma da sunan wani

Wannan ya ɗan fita daga tambayar da muka fara da ita, amma ƙanwarta ce, kuma ta fi ta cizo. A nan kuɗi sun shigo cif, ragowar asusu ta ƙaru, sai dai sunan wanda ya turo ba shi ne sunan mai saye da ke kan odar ba. Za a ce maka, “Asusun matata ne,” ko “Maigidana ne ya tura.”

Ga yadda ake ƙulla ta. Ɗan damfara ya tallata waya ko atamfa ko buhunan shinkafa a Facebook da araha. Wata baiwar Allah a Runjin Sambo ta ce tana so. A daidai lokacin sai ya buɗe oda a wurinka da adadin kuɗin kayan, ya ɗauki lambar asusunka ya ba ta a matsayin tasa. Ta tura maka, ka ga kuɗi, ka saki masa USDT, ya ɓace. Ita ba ta ga kaya ba, sai ta je bankinta da risit, kuma sunan da ke kan risit ɗin naka ne. Bayan kwanaki ka zo biyan kuɗin man fetur sai ka tarar an sa wa asusunka takunkumin hana cire kuɗi. Daga nan sai zirga-zirga tsakanin banki da ofishin 'yan sanda, wani lokaci har ofishin EFCC na Sakkwato, kana bayanin yadda kuɗin matar da ba ka taɓa sani ba suka shigo hannunka. Sau da yawa ba a sakin asusun sai ka mayar da kuɗin, USDT kuma ya riga ya tafi.

Dokokin manhajojin da kansu sun hana biya daga asusun wani. Idan suna ya saɓa, kada a saki kuma kada a kashe kuɗin. A kai ƙara, a mayar da su asusun da suka fito, ba wani asusu dabam da mai saye zai bayar ba. A nan mutanenmu na da wata wahala ta musamman: mutum ɗaya a katinsa Muhammad Bello, a banki Bello Muhammed, a manhaja Mohammed B. da sunan garinsu. Bambancin rubutu ko jerin suna abu ne da ake iya tantancewa da katin shaida. Amma Aisha ba za ta zama Kabiru ba.

Abin da ya shafi wanda bai taɓa taɓa kirifto ba

Mai karatu da ke sayar da yadi a Babbar Kasuwa zai iya cewa wannan rigimar 'yan waya ce. Amma alat ɗin bogin da aka turo wa matashin Mabera shi ne wanda ake turo wa mai kanti, da mai sayar da raguna gab da Babbar Sallah, da dillalin albasa a Illela da aka loda wa mota ana nuna masa risit. Bambancin kawai shi ne a cinikin P2P akwai dillalin da ke riƙe da igiya har a gama gardama. Mai rago idan an ja ragonsa an tafi, babu `Appeal`.

Haka kuma matar Runjin Sambo ba ta san menene USDT ba, amma kuɗinta ta nan suka bi suka fita. Yawan irin waɗannan koke-koke na cikin abin da ke sa bankuna ɗari-ɗari da asusun da kuɗi ke shiga daga mutane barkatai suna fita nan take. A 2024 wasu bankunan waya sun fito fili sun gargaɗi abokan hulɗarsu cewa za su rufe asusun da aka kama yana harkar kirifto. Daga nan ne al'adar nan ta ƙara ƙarfi, inda kusan kowace talla ke cewa kada a rubuta kalmar kirifto ko USDT a wurin bayanin turansifa. Illar wannan ɓoyo ita ce ranar da rigima ta tashi, babu abin da ke jikin takardar banki da ke nuna me aka saya. Dokar zuba jari da hannayen jari ta 2025 ta shigar da kadarorin dijital ƙarƙashin kulawar SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannayen jari, amma wannan bai sa manhajar kirifto ta fara ganin cikin asusun bankinka ba, bai kuma sa banki ya san akwai oda a buɗe ba. Tsakanin su biyun har yanzu idon mai sayarwa ne kaɗai mahaɗi.

Matashin Mabera bai daina cinikin ba, mahaifiyarsu na jiran saƙon wata-wata. Ya dai ware asusu guda don wannan harka kaɗai, ya ɗaga matsayinsa, yana kwashe abin da ya shigo zuwa wani wuri don ya riƙa sanin ragowarsa da ka. Ya kashe alat na saƙon waya a kan asusun gaba ɗaya, ya ce ƙarar ce ke sa yatsa rawa. Manyan kuɗi kuma yakan raba su oda biyu ko uku, kuma ba ya buɗe ciniki daren Juma'a ko ƙarshen wata lokacin da albashi ke cunkushe layi. A tallarsa, inda ake rubuta sharuɗɗa, ya sa layi biyu da Hausa da Turanci: sunan mai turowa ya zama sunan mai oda, kuma duk wanda turansifarsa ta maƙale ya turo `Session ID` su jira tare. Ya ce tun da ya rubuta haka, wasu masu sayen da sun buɗe oda sun karanta sai su soke da kansu kafin minti biyu.